Yadda ake neman wanda zai ba da shaida a kanka wajen neman aiki, da yadda za ka sanar da shi abin da ya faru

Tambayar da ta fi yawa daga masu karatu a 'yan watannin nan ita ce ta mutum ukun nan da ake cewa a rubuta sunayensu a ƙarshen takardar neman aiki. Wa ya kamata a sa? Dole ne sai an gaya masa? Idan ba a samu aikin ba fa, me za a ce masa? Ga matakan daki-daki. Na yi magana da "ka" don sauƙi, amma duk abin da ke nan ya shafi mata ma.

Domin maganar ta zauna a wuri ɗaya, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ka karanta tattalin arzikin noma a jami'a, ka yi bautar ƙasa a sashen aikin gona na wata ƙaramar hukuma a Jigawa, sannan ka yi wata goma sha huɗu kana tattara bayanai a ƙauyuka wa wata ƙungiya mai zaman kanta. Yanzu ka ga tallar aikin mataimakin jami'in bibiya da tantance ayyuka a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, kuma sun ce a ba da sunayen mutum uku.

1. Ka fara gane wace irin shaida ake nema

Kafin ka kira kowa, sake karanta tallar, domin hanyar ba ɗaya ba ce. Ƙungiyoyin agaji da kamfanoni galibi suna, matsayi, imel da lambar waya kawai suke so. Ba sa tuntuɓar kowa sai bayan intabiyu, lokacin da suka kusa yanke shawara, sai su aika fom ta imel ko su buga waya. Jami'o'in Najeriya kuwa, idan suka yi tallar aikin koyarwa, yawanci cewa suke yi ka nemi mutum uku su aika rahoton sirri kai tsaye zuwa ga Rijistara kafin ranar rufewa. A nan idan wasiƙar ba ta isa ba, fayil ɗinka bai cika ba, ko da takardunka sun fi na kowa kyau. Tallafin karatu na ƙasashen waje kuma nasa tsarin daban: Chevening na neman mutum biyu, na Commonwealth na neman aƙalla biyu, wasiƙarsu da sa hannu a kan takarda mai tambarin wurin aikinsu.

Gargaɗi: fom ɗin garanto ba wannan ba ne. Wanda ya sa hannu a matsayin garanto ya ɗauki alkawarin biya idan ka yi ɓarna ko ka gudu da kuɗi, shi ya sa ake neman hotonsa da kwafin katin shaidarsa. Mai ba da shaida ba ya ɗaukar wannan nauyi, abin da ya sani game da aikinka kawai yake faɗa. Kada ka ce wa mutum shaida kake nema sannan ka miƙa masa fom ɗin garanto. Zai ji an yaudare shi, kuma yana da gaskiya.

2. Zaɓen mutanen

A nan mutanenmu suka fi yin kuskure. Muna son babban suna: kwamishina, hakimi, farfesan da muka taɓa gaisawa da shi a wurin ɗaurin aure. Amma dubi irin tambayoyin da ke cikin fom ɗin da ake aika wa mai shaida. Tun yaushe ka san shi? A wane matsayi? Wane aiki ya yi a ƙarƙashinka? Ina yake da rauni? Za ka sake ɗaukarsa idan ka samu dama? Babban mutumin da bai taɓa ganinka a bakin aiki ba ba shi da amsar ko ɗaya daga ciki, sai dai ya ce yaron kirki ne, ya san mahaifinsa. Mai ɗaukar aiki ba ya iya yin komai da wannan amsa.

A misalinmu, mutum na farko shi ne wanda ya shugabance ka kai tsaye a aikin tattara bayanai, wanda yake karɓar rahotonka kowane mako. Shi ne mafi nauyi, domin aikin da kake nema ɗan'uwan wancan ne, kuma ƙungiyoyi da yawa suna cewa dole ɗaya daga cikin ukun ya zama shugabanka na baya-bayan nan. Na biyu shi ne jami'in da ka zauna ƙarƙashinsa a wurin bautar ƙasa, in har da gaske ka yi aiki a can, ba sa hannu kawai kake zuwa yi a ƙarshen wata ba. Na uku malamin da ya duba furojet ɗinka na ajin ƙarshe. Da a ce digiri na biyu kake nema, da sai jerin ya juya, malamai biyu su zo gaba.

Ka kuma tanadi mutum na huɗu da ba ka rubuta ba. Mutane suna tafiya aikin Hajji, suna kwanciya asibiti, suna canja layi.

Gargaɗi: kada ka sa ɗan'uwa, suruki, ko aboki da ka yi wa laƙabin manaja. Masu tantancewa suna duba adireshin imel ɗin, suna tambayar a wace shekara kuka yi aiki tare, wani lokaci su kira ofishin da kansu. Idan aka kama, wannan aikin ya tafi, kuma masu ɗaukar ma'aikata a ƙungiyoyin da ke aiki a gari ɗaya sun san juna.

Idan kana bakin wani aiki kuma shugabanka bai san kana neman wani ba, kada ka sa sunansa tun daga farko. Ka sa na baya, ka gaya wa masu ɗaukar aikin cewa za ka ba da na yanzu idan magana ta kai ga tayi. Wannan roƙo ne da aka saba ji, ba ya rage maka komai.

3. Ka nemi izini kafin sunansa ya hau takarda

Wannan mataki ba a tsallake shi, ko da mutumin ya taɓa ce maka "duk lokacin da kake buƙata ka sa ni". Ka yi tunanin malaminka yana cikin aji, baƙuwar lamba ta kira, wata murya ta ambaci sunanka ta ce tana son jin ra'ayinsa a kanka. Ya koyar da ɗaruruwan ɗalibai, masu irin sunanka ma sun fi biyar. Shirun da zai yi yana lalubo ko wane ne kai, mai kiran yana jinsa, kuma yana rubutawa.

Yadda za ka nema ya danganta da wanda kake nema. Dattijo ko malami da kuke gari ɗaya, zuwa ofishinsa ya fi, a gaisa a natse sannan a kawo buƙata. Wanda yake nesa, ka fara aika saƙo ka tambayi lokacin da za ka iya kira. Idan kun shekara biyu ba ku gaisa ba, kada saƙon farko ya zama buƙata tsirara, amma kuma kada ka yi kwana uku kana aika "barka da safiya" kana kewaye-kewaye, kowa ya gane wannan salon. Ka gaisa, ka tuna masa ko wane ne kai, ka faɗi abin da ya kawo ka, duk a saƙo ɗaya:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, ya iyali? Ɗalibinka ne da ka duba wa furojet a kan kasuwancin riɗi a Maigatari, 'yan ajin da suka gama a 2021. Ina neman aikin mataimakin jami'in bibiyar ayyuka a wata ƙungiya a Maiduguri, sun ce a ba da sunan wanda ya san aikina. Ko Malam zai amince in sa sunansa? Idan Malam yana ganin lokaci ba zai bari ba, ko kuma an daɗe har ba zai iya faɗin abu mai ƙarfi a kaina ba, wallahi babu komai, zan fahimta."

Jimlar ƙarshen nan ita ce mafi amfani a saƙon. A al'adarmu da wuya babba ya ce maka a'a kai tsaye. Zai ce "to, Allah ya sa a dace", sannan ya rubuta layi uku marasa gishiri, ko ya ƙi ɗaga waya idan an kira. Idan ka buɗe masa ƙofar fita, wanda ba ya so zai bi ta cikin mutunci, kai kuma ka tsira daga shaida mai sanyi. Ka kuma saurari yadda amsar ta fito. "Sa ni mana, turo min takardunka" amincewa ce. "To, bari mu gani" ko shirun mako guda bayan ya karanta saƙon, wannan a'a ce, ka koma ga mutum na huɗu.

Game da lokaci, idan wasiƙa zai rubuta, ba shi mako uku zuwa huɗu. Idan suna kawai za ka sa, 'yan kwanaki sun isa. Ka lura da lokacin jarrabawa da makin takardu, goman ƙarshe na azumi, da hutun Sallah, domin a lokutan nan saƙo yana iya kwana goma ba a buɗe ba.

4. Ka sa masa kayan aiki a hannu

Da zarar ya amince, a ranar ka aika masa imel guda ɗaya mai ɗauke da komai, kada ka yi ta yayyafa masa takardu a WhatsApp. Ka haɗa da sibi ɗinka na yanzu, wato takardar tarihin karatu da aikinka, da kwafin tallar aikin, da ranar rufewa, da bayanin yadda za a tuntuɓe shi: waya ce, fom ne ta imel, ko wasiƙa ce zai aika.

Sai abu mafi muhimmanci, wanda kusan kowa ke mantawa: ɗan taƙaitaccen tuni na abin da kuka yi tare. Ga tsohon shugabanka a aikin tattara bayanai, kana iya rubuta cewa ka yi aiki ƙarƙashinsa daga Maris 2023 zuwa Afrilu 2024, kana cike tambayoyi da manhajar KoboCollect a ƙananan hukumomi uku, daga baya ya ɗora ka a kan tawagar mutum shida, kuma kai ne ka gano ƙauyukan da aka shigar da bayanansu sau biyu kafin a tura rahoto. Ba kana gaya masa abin da zai faɗa ba ne, tuna masa kake yi. Mutumin da ya shugabanci ma'aikata arba'in ba zai riƙe wannan a kansa ba, amma da ya gani zai tuna, kuma irin wannan bayani ne ke bambanta shaida mai nauyi da "yana da ƙwazo da ladabi".

Ka tabbata ranakun da ke cikin sibi ɗinka su ne na gaskiya. Idan ka rubuta shekara biyu shi kuma ya ce wata goma sha huɗu, ba za a ɗauka shi ne ya manta ba.

Idan akwai wani tabo a tarihinka da ya sani, misali ka bar aikin kafin kwantiragi ya ƙare saboda rashin lafiyar mahaifiyarka, ku yi maganar yanzu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaya masa yadda ka bayyana abin a takardarka domin bakinku ya zo ɗaya a kan gaskiya. Ka kuma sani cewa manyan ƙungiyoyin agaji da dama suna cikin wani tsari da aka fara a 2019, inda suke tambayar wuraren da ka yi aiki a baya, ta ofishin kula da ma'aikata, ko an taɓa samunka da laifin cin zarafi ko lalata. Wannan binciken daban yake da mutum ukun da ka zaɓa, kuma ba ka da ikon zaɓen wanda zai amsa shi.

Sannan ka tambaye shi yadda yake so a rubuta sunansa da matsayinsa, da lambar da yake ɗagawa, da imel ɗin da yake buɗewa. Imel na wurin aiki ya fi ƙarfi a idon masu tantancewa, wasu jami'o'in waje ma ba sa son na Gmail ko Yahoo. Amma ka karɓi lambarsa ta kansa ma. A yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk wanda ofis kaɗai ya sani a matsayin hanyar samun malaminsa ya sha wahala.

Gargaɗi: wani zai ce "rubuto wasiƙar ka kawo in sa hannu". Abu ne da ya zama ruwan dare a jami'o'inmu. Ni dai ina ganin gara ka ba shi jerin abubuwan tunin ka roƙe shi ya zuba da kalmominsa. In ya dage, kada ka rubuta abin da bai gani da idonsa ba, domin ana iya kiransa a tambaye shi a kai, kuma kada ka rubuta wa mutum biyu wasiƙa da salo ɗaya. Mai karanta wasiƙu ɗari a mako yana gane hannu ɗaya.

5. Kuɗin da za ka kashe

Shaida ba a saye, kuma kada ka tura kuɗi ko katin waya "na godiya" kafin a rubuta, domin yana sa mutumin kirki jin kunya, yana kuma ɓata darajar abin da zai faɗa. Abin da ke kanka shi ne kada ya kashe ko sisi saboda kai. Idan wasiƙa ce ta takarda, kai za ka ɗauki nauyin bugawa, ambulan, da kuɗin aikawa ta EMS na NIPOST ko wani kamfanin kai saƙo, ka kuma riƙe rasit mai lambar bibiya. Idan sun yarda ka kai da hannunka, ya liƙe ambulan ya sa hannu a kan maliƙin, kai kuma kada ka buɗe. Ka duba ko tallar ta ce a rubuta sunan muƙamin a bayan ambulan. Idan ta intanet ce, ka sa a yi sikanin mai kyau a mai da ita PDF, kada a ɗauki hotonta a karkace a kan tabarma.

6. Tuni, ba tare da ka zame masa kaya ba

Ranar da aka kira ka intabiyu, sanar da dukkan ukun. Bayan intabiyu, in ta yi kyau, ka sake aika gajeren saƙo: an yi jiya, mai yiwuwa su tuntuɓe shi a makon nan ko na gaba, kiran zai iya zuwa daga baƙuwar lamba, imel ɗin kuma yana iya faɗawa cikin `Spam`. Ka ƙara da abin da suka fi matsa maka a kai, misali sun yi ta tambaya a kan rubuta rahoto da aiki a wuri mai matsalar tsaro, don ya san inda zai ba da ƙarfi.

Ƙungiyoyi sukan ba mai shaida 'yan kwanaki kaɗan ya mayar da fom, kuma takardar ɗaukarka tana nan a tsaye har sai ya mayar. Idan sun gaya maka mutum ɗaya bai amsa ba, ka kira shi a ranar, cikin ladabi. Idan kwana biyu sun wuce babu labari, ka rubuta musu ka ba da sunan na huɗu, ka ce wancan yana kan tafiya ko ba a samunsa. Ga wasiƙa mai wa'adi kuwa, tuni biyu sun isa: saura mako guda, da saura kwana biyu.

Gargaɗi: izinin da ya ba ka na wannan aikin ne. Idan za ka nemi ayyuka da yawa a jere, ka gaya masa tun farko cewa za ka yi ta nema na wata uku, za ka riƙa sanar da shi duk wanda ya kai matakin intabiyu. Kada bayan shekara a kira shi daga wani banki da bai taɓa jin ka nema ba.

7. Idan an dace

Ka sanar da shi kafin ka sa a Facebook ko a sitatus. Babu abin da ke yi wa mai shaida ciwo kamar ya ga hotonka da katin sabon ofis a wuya, alhali shi da ya zauna ya cike maka fom bai ji daga bakinka ba. Amma ka jira takardar ɗauka ta shigo hannu tukuna, domin alkawarin baki yana rushewa.

Babba, kira ake yi ko a je. Sannan a bi da saƙo:

"Hajiya barka da yamma. Aikin nan na Maiduguri da kika ba da shaida a kaina, Allah ya nufa an dace, takarda ta zo yau, zan fara ranar 1 ga wata mai zuwa. Sun ce bayanin da kika yi a kan yadda na riƙe tawagar nan ya taimaka. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a."

Ka ambaci abin da suka ce ne kawai idan da gaske sun faɗa. Albashi ba sai ka faɗa ba, sai in shi ya tambaya kuma kana so. A wannan mataki ƙaramar kyauta ba laifi ba ce, turare ko tsarabar garin da ka koma, tunda an riga an gama. Ka kuma sanar da wanda ba a kira ba, domin shi ma ya yi makonni yana ɗaga baƙin lambobi saboda kai.

8. Idan ba a dace ba, ko an yi shiru

Wannan ne saƙon da mutane ba sa aikawa, saboda kunya. Suna ganin kamar sun ba mutumin kunya ne. Amma wanda ya kai matsayin da ake neman shaidarsa ya sha ganin an hana mutanen kirki aiki, shi ma an taɓa hana shi. Abin da ba ya so shi ne ka ɓace, sannan bayan wata takwas ka ɓullo da sabuwar buƙata kamar ba a yi ta farko ba.

"Malam barka da aiki. Game da aikin Maiduguri, sun rubuto jiya cewa sun ɗauki wani. Na kai matakin ƙarshe, amma sun fi son wanda ya taɓa aiki a yankin. Na gode da lokacin da Malam ya ba ni. Ina ci gaba da nema a ɓangaren bibiyar ayyuka da tattara bayanai. Idan Malam bai damu ba zan so in ci gaba da sa sunansa, kuma zan riƙa sanar da shi kafin kowanne."

Ka lura babu ƙorafi a ciki, babu "an yi son kai" ko "sai mai uwa a gindin murhu", ko da kana zargin haka. Akwai kuma bayanin irin aikin da kake nema, a fili, domin mutanen nan su ne suke jin labarin gurbi kafin a buga talla, kuma ba za su tuna da kai ba sai sun san har yanzu kana nema da abin da kake nema.

Idan shiru aka yi, ka ba masu ɗaukar aikin kamar mako shida daga ranar intabiyu, ka tuntuɓe su sau ɗaya, sannan ka gaya wa masu shaidarka cewa ba ka ji komai ba, kana ɗauka an wuce wurin, in wani abu ya canja za ka faɗa. Idan kai ne ka janye, ko aka ba ka ka ƙi karɓa, ka faɗa musu da dalili a taƙaice kafin su ji daga wani wuri, musamman idan ɗayansu ya san mutanen ƙungiyar.

Gargaɗi na ƙarshe ya shafi abin da kan faru ba a lura ba. Idan sau biyu ko uku kana kaiwa matakin tuntuɓar masu shaida sannan magana ta mutu, akwai alamar matsala a jerin sunayenka. Kada ka tuhumi kowa. Ka fara tambayar kowannensu ko an tuntuɓe shi, da ranar da ya mayar da amsa, domin sau da yawa za ka tarar fom ɗin yana kwance a imel ɗin da ba ya buɗewa. Idan duka sun ce sun amsa a kan lokaci, ka cire wanda ya fi yin sanyi ranar da ka fara neman izininsa, ka sa na huɗu a gurbinsa a nema na gaba, ka ga ko sakamakon zai canja.